Yadda za ka adana minit na mitin ta yadda tsohuwar matsaya ba za ta ɓace ba

Tambaya: "Salamu alaikum. An zaɓe ni sakataren ƙungiyar taimakon juna ta unguwarmu a Aboabo, Kumasi. Abin da na gada littattafai uku ne na hannu, da wasu minit a WhatsApp, wasu kuma a laftof ɗin tsohon sakatare. Kwanan baya an yi gardama kan nawa aka ce a riƙa bayarwa in an yi wa mamba rasuwa, muka rasa inda aka rubuta. Yaya zan tsara su a waya ko kwamfuta yadda ba za su ɓace ba, kuma a samu abu da sauri?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya taya ka riƙo. Aikina kenan, ajiyar takardu a ofis, kuma na riƙe sakatare a irin wannan ƙungiya, don haka bari in gaya maka yadda nake yi da kuma dalili.

Kafin ka buɗe folda ko ɗaya, fara da tambayar wa ke da ma'ajiyar. Kada ka zuba minit ɗin a Google Drive ɗinka na kanka, domin kai ma wata rana za ka sauka, kuma wanda zai gaje ka zai shiga halin da kake ciki yanzu, yana bin ka a waya yana roƙon abin da na ƙungiya ne. A buɗe wa ƙungiya imel nata da sunanta, Gmail na kyauta ya isa, yana zuwa da giga 15, kuma minit da aka buga aka mai da PDF shafi uku ko huɗu ba ya ma kai mega ɗaya, ka ga ko jikokinku ba za su cika shi da minit ba. Abin da ke cinye wurin shi ne bidiyon walima da hotunan taron Sallah, waɗannan a nema musu wani wuri daban. Kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu, kai da ciyaman ko ma'aji, kuma a sa wannan a minit cewa su wane ne ke riƙe da ita. Lambar wayar da za a ɗaura wa akawun ɗin don farfaɗo da shi ta zama layin da ake amfani da shi kullum, ba wani sim da aka saya don wannan kawai aka jefa a durowa ba, domin layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba kamfani na iya rufe shi ya ba wani, ranar da kuka manta kalmar sirri sai a tura lambar shiga wayar wani baƙo. In kun kunna tsaro mai mataki biyu, Google na ba da lambobi guda 10 da ake kira `Backup codes`, a yi firintin ɗinsu a sa a ambulan a ba ma'aji. Sannan ku sani Google ta ce akawun ɗin da ya shekara 2 ba a shiga ba za ta iya goge shi da duk abin da ke ciki, amma ku da ke mitin kowane wata wannan ba zai same ku ba sai dai in ƙungiya ta yi dogon barci.

Akwai wani tarko a nan da mutane da yawa ba su sani ba. In ka ba wani izinin `Editor` a folda, ya ɗora fayil daga nasa akawun ɗin, fayil ɗin yana zaune a foldarku kuna ganinsa amma mallakarsa ne, ba na ƙungiya ba. Ranar da ya yi fushi ya bar ƙungiya, ko giga 15 ɗinsa ya cika ya hau share abubuwa ba tare da ya duba ba, sai ku wayi gari babu. Don haka duk minit ɗin da aka amince da shi, da akawun ɗin ƙungiya za a ɗora shi. Sauran shugabanni a ba su `Viewer`, su karanta kawai, ba su gogewa ba su gyarawa.

To, folda. Shawarata kada ka zurfafa. Na sha ganin sakatare mai ƙwazo ya yi folda cikin folda har hawa shida, ta wata, ta mako, ta maudu'i, bayan wata uku shi kansa bai san inda ya sa abu ba. Hawa biyu ya isa:

```
Minit/
  2022/
  2023/
  2024/
  Tsofaffin-littattafai/
Tsarin-mulki/
Kudi/
Daftari/
Rajistar-matsaya
```

Minit a jera su da shekara kawai, ba da maudu'i ba. Dalili shi ne mitin ɗaya yakan taɓa maganar kuɗin wata, da ta rasuwa, da ta gyaran rumfa da kujeru, to a wace folda za ka sa shi? In ka kwafa shi wuri uku, gobe a gyara ɗaya a bar biyu, ka haifar da sabuwar gardama. Fayil ɗaya, wuri ɗaya. Neman maudu'i aikin rajista ne, zan zo kanta, ita ce ma zuciyar maganar.

Sunan fayil kuwa ya fara da kwanan wata, shekara farko, sai wata, sai rana:

```
2023-03-12_babban-mitin_amintacce.pdf
2023-05-14_babban-mitin_amintacce.pdf
2023-05-28_shugabanni_amintacce.pdf
```

Kwamfuta da waya suna jera suna ne harafi bayan harafi, in ka fara da rana sai duk mitin na ranar 12 su taru wuri guda, na Maris da na Nuwamba, amma in shekara ce a gaba komai na bin juna da kansa daga na farko zuwa na ƙarshe. Kada ka manta sifilin, 03 ba 3 ba, in ba haka ba watan 10 zai hau gaban watan 3. Kuma ranar da aka zauna ake sawa, ba ranar da ka buga ba. Kada ka dogara da kwanan watan da waya ke nunawa a gefen fayil, wannan yakan canza in an kwafa ko an tura. A sunan fayil ni ba na sa haruffa masu lanƙwasa, "kudi" nake rubutawa, domin wani mamba madanninsa ba shi da ɗ, in ya nema da d ba lalle ya fito masa ba.

Kalmar "amintacce" ɗin nan tana da aiki. Abin da ka rubuta ranar mitin daftari ne, yana zaune a foldar `Daftari` a matsayin Word ko Google Docs, ana iya gyara shi. Sai an karanta shi a zama na gaba, an yi gyare-gyare, wani ya kawo ƙudurin amincewa wani ya mara baya, ciyaman da kai kun sa hannu, sannan ka ɗauki takardar mai sa hannun ka yi mata sikanin ta zama PDF ta shiga foldar shekara. Manhajar Drive a waya tana da `Scan`, ba sai ka je shagon firintin ba. Daga nan ba a sake taɓa ta. In daga baya aka ga kuskure, a gyara a minit na zaman da aka gano shi, ba a koma a canza tsohon ba, domin ranar da mutane suka fahimci sakatare na iya komawa baya ya gyara, duk ajiyar ta rasa daraja ko da gaskiya ya rubuta.

Yanzu rajistar matsaya. Ka lura, ran da aka yi gardamar nan ba minit kuke nema ba, jimla ɗaya kuke nema a cikin minit ɗari. Ko da foldarka ta fi ta kowa tsari, in ba ka san shekarar ba sai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya jama'a na zaune suna jira rai na ɓaci. Rajista shafi ɗaya ce ta Google Sheets ko Excel, kowace matsaya layi ɗaya, da ginshiƙai kamar haka: lamba, ranar mitin, maudu'i, abin da aka yanke cikin jimla ɗaya, halin da take ciki, sai sunan fayil da shafi. Lambar ta zama shekara da jeri, misali 2023/04, wato matsaya ta huɗu a shekarar 2023, kuma ka riƙa rubuta wannan lambar a cikin minit ɗin kansa a gefen matsayar, don su biyun su riƙe juna.

Bari mu ɗauki maganar rasuwar a matsayin misali, alƙaluman nawa ne na kwatance, ka sa naku. A ce a zaman 9 ga Yuni 2019 an yanke cewa in mamba ya rasa uwa, uba, mata, miji ko ɗa za a ba shi sidi 300. Wannan ta zama 2019/06. A zaman 12 ga Maris 2023 kaya sun yi tsada aka ɗaga zuwa sidi 500, amma aka ƙara sharaɗi cewa sai wanda bashin kuɗin wata bai wuce wata 3 a kansa ba. Wannan 2023/04. Sai a 10 ga Nuwamba 2024 wani ya kawo shawarar a kai 800, aka tattauna sosai, aka ce a bari sai ma'aji ya kawo lissafi, ba a kaɗa ƙuri'a ba. A rajista zai fito haka, ban da ginshiƙin sunan fayil da shafi:

```
2019/06 | 2019-06-09 | rasuwa | GHS 300 | an maye da 2023/04
2023/04 | 2023-03-12 | rasuwa | GHS 500, bashi kada ya wuce wata 3 | tana aiki
2024/11 | 2024-11-10 | rasuwa | shawarar GHS 800 | an dage, ba a yanke ba
```

Ka ga abin da ke faruwa a irin wannan gardama? Dattijon da ke cewa 300 gaskiya yake faɗa, ya halarci zaman 2019. Mai cewa 800 shi ma ba ƙarya yake yi ba, ya ji an faɗa da kunnensa. Kowa na riƙe da wani yanki ne, shi ya sa abin ke zafi, kuma a kan gawa ake yi, lokacin da zuciya ba ta ɗaukar musu. Kai kuwa ka buɗe rajista a waya, ka nemi "rasuwa", layi uku su fito, ka ga wadda ke cewa "tana aiki", ka buɗe `2023-03-12_babban-mitin_amintacce.pdf` shafi na 2 ka miƙa wa ciyaman ya karanta da sa hannunsa a ƙasa. Minti biyu. Shi ya sa ginshiƙin "hali" ya fi kowanne muhimmanci a wurina, kuma shi ya sa ba a goge tsohon layi, ana dai rubuta cewa an maye shi da lamba kaza. Abin da aka ɗage ma a sa shi, domin shi ne ya fi rikita mutane, sun tuna an yi maganar sun manta ba a yanke ba.

Maudu'in ka tsayar da kalmomi kaɗan, kamar takwas zuwa goma: rasuwa, suna, aure, jinya, kuɗin wata, tara, zaɓe, kaya, bashi. In yau ka rubuta "rasuwa", gobe "mutuwa", jibi "ta'aziyya", nema zai kawo maka kashi ɗaya cikin uku ka ɗauka shi kenan. Zaɓi ɗaya ka rubuta jerin a saman rajistar don wanda zai gaje ka. In minit ɗinku da Turanci ake rubutawa kamar yadda ƙungiyoyi da yawa ke yi a nan Gana ko da da Hausa aka yi mitin, ba matsala, amma rajistar ta tsaya a harshe ɗaya.

Littattafan hannu uku ɗin nan, kada ka ce za ka sake buga su, ba za ka gama ba kuma za ka shigar da kuskure. Yi musu sikanin yadda suke. Da rana, kusa da taga, littafi a shimfiɗe, ba tare da filashin kyamara ba don yana wanke biro. In shafukan ba su da lamba ka sa da fensir a kusurwa kafin ka fara. Kowane littafi PDF ɗaya ko biyu, suna kamar `littafi-1_2004-2011.pdf`. Ka duba bayan ka gama, ka buɗe shafuka ka zuƙo su ka ga ana iya karanta alƙaluma, musamman gefen ɗinki inda rubutu ke lanƙwashewa. Kada ka sa rai neman Drive zai karanta maka rubutun hannu, wani lokaci yana kama bugaggen rubutu a cikin hoto, amma hannun tsohon sakatare da biro, balle in akwai ajami, kada ka dogara da shi. Maimakon haka ka zauna kana karantawa kana cire matsaya kawai zuwa rajista da lambar shafi. Fara da na baya-bayan nan ka yi baya, domin su ne har yanzu ke aiki. Kuma in littafin ya kai kafin Yulin 2007, ka yi hattara da kuɗi, lokacin ne aka canza sidi, tsohon 10,000 ya zama sabon sidi 1, to in ka ga "500,000" a shafin 2005 sidi 50 ne na yanzu, ka rubuta adadin yadda yake ka ƙara "tsohon sidi" a gefe. Har yau akwai dattawan da in sun ce miliyan ɗaya sidi 100 suke nufi, don haka ko a mitin na yau in an faɗi adadi ka maimaita shi da ƙarfi kafin ka rubuta. Littattafan kansu kuma ba a zubarwa, a sa a leda mai kauri a ɗora a sama, nesa da ƙasa da danshin damina da gara.

Na WhatsApp ɗin ka kwashe su yanzu-yanzu. WhatsApp wurin rabawa ne, ba wurin ajiya ba, fayil ɗin da ya daɗe sau da yawa in ka taɓa sai ya ce ba ya nan ka nemi wanda ya turo ya sake turowa, kuma wanda ya shiga guruf daga baya ko ya canza waya ba lalle ya ga na da ba. Ka shiga bayanan guruf ɗin wajen `Media, links, and docs`, ka sauke duk abin da ya rage, wanda ya ƙi ka tambayi tsofaffin mambobi ko yana wayarsu. Tsohon sakatare kuma ka je masa da kanka da girmamawa, ka tafi da filash, ka kwafe duk foldar yadda take kafin ka fara gyara suna. In ka tarar da fayil biyu na mitin ɗaya sun saɓa, kada ka zaɓa da kanka, kai wa shugabanni su tsayar da ɗaya a rubuta a minit.

Sai maganar bakof, wato kwafin da ake ajiyewa daban don kada a yi asara, kuma a nan ne ake yawan ruɗuwa. Mutum ya ce ai yana Drive, yana wayata, yana laftof, kwafi uku kenan. A'a, in duk ukun suna haɗe da akawun ɗaya, kwafi ɗaya ne kake gani ta taga uku, ka goge a ɗaya ya gogu a duka. Abin da aka goge yana zama a `Trash` kwana 30 ne kawai sannan ya tafi, kuma ku mitin ɗinku wata-wata ne, kafin a lura an goge wani abu kwana 30 ɗin sun wuce. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan irin ma'ajiya biyu daban, ɗaya a wani wuri dabam. A wurinku zai zama Drive ɗin ƙungiya ɗaya, filash a hannunka biyu, filash na biyu a gidan ma'aji ko ciyaman uku, ba gida ɗaya da kai ba, kuma ba a shagon kasuwa ba, mu a Kumasi mun san abin da gobarar kasuwa ke yi. Ga kuma takardar mai sa hannu a fayil ɗinta.

Yadda ake yi: duk wata uku, a kwamfuta ka shiga Drive ta burauza, ka zaɓi foldojin duka har da rajistar ka danna `Download`, zai haɗa maka su a zip, kuma zai mai da rajistar Excel, daftari kuma Word, wanda ke buɗuwa ba tare da intanet ba. Ka sa masa suna kamar `bakof_2025-03-31.zip` ka kwafa a filash biyun. Kada sabo ya danne tsoho, a bar su jere, wurin da suke ci kaɗan ne, kuma amfaninsu shi ne in an ɓata wani abu a watan Fabrairu ba a gano ba sai Agusta, na Disamba yana nan lafiya. In ba ka da laftof, akwai filash mai baki biyu da ke shiga waya kai tsaye. Ka sa wannan aiki cikin ajanda, duk mitin na uku ka ce "an yi bakof ranar kaza" a rubuta, in ba haka ba za a yi sau biyu a manta.

Filashin bakof ba ya zuwa shagon firintin, ko sau ɗaya. Kwamfutocin shaguna da yawa na ɗauke da bairos ɗin nan da ke ɓoye folda ya bar maka gajerun alamomi masu ɗan kibiya a madadinsu, in ka ga haka kada ka danna su kuma kada ka yi saurin fomatin, yawanci fayil ɗin na nan a ɓoye, kai wa wanda ya iya. In firintin kake so tura PDF ɗin ta waya. Sannan ka sayi filash a wurin da ka yarda da shi, akwai na jabu da ke nuna giga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar fayil kamar lafiya, sai ranar buɗewa ya ce ya lalace. Giga 16 na gaske ya ishe ku. Ko na gasken ma ba a jefa shi a akwati shekaru a ce an ajiye, ana canza shi bayan 'yan shekaru.

Hanyar da za ka san bakof ɗinka na aiki ɗaya ce, ka gwada. Bayan ka kwafa, ka buɗe zip ɗin daga filash ɗin kansa, ba daga laftof ba, ka ƙirga fayil na foldar shekarar, in kun yi mitin 11 ka ga 11, ka buɗe biyu ko uku ka karanta. Sau ɗaya a shekara kuma ka ba mataimakinka filashin gidan ma'aji ka ce ya nemo maka nawa ne tarar makara, kai kana gefe ba ka ce komai ba. Inda ya tsaya yana dube-dube, nan ne tsarinka ke da gyara.

Abu biyu ƙanana. Rajistar da minit na shekarar da ake ciki ka danna musu `Make available offline` a wayarka, domin wurin mitin sabis kan yanke ko data ta ƙare daidai lokacin da ake buƙata. Sannan minit na shugabanni da ke ɗauke da sunan wanda ake bi bashi, ko wanda aka taimaka wa da kuɗin asibiti, ko sulhun ma'aurata, wannan a ware masa folda da mutum uku ko huɗu kawai ke gani, kuma kada a taɓa buɗe shi da `Anyone with the link`, domin linki in ya shiga guruf ɗaya ya shiga Zango gaba ɗaya. A rajista ka rubuta "taimakon jinya ga mamba ɗaya, sidi kaza" ba tare da suna ba, mai haƙƙin sani ya buɗe minit ɗin.

In za ka fara a wannan makon, buɗe akawun ɗin tare da ciyaman, ka kwashe na WhatsApp tun ba su ƙara ɓacewa ba, sannan ka cika rajista da matsayar kuɗi kawai, rasuwa, suna, aure, kuɗin wata da tara, ka kai ta mitin mai zuwa a karanta a gaban kowa a amince cewa waɗannan su ne ke aiki. Inda aka rasa takardar wata matsaya gaba ɗaya, a sake yanke ta a ranar, a ba ta sabuwar lamba. Sikanin littattafan zai iya biyo baya a hankali. Allah ya ba da sa'a.